Yadda Ake Fitar da Tabon Manja Daga Tufafin Auduga Ba Tare da Launi Ya Koɗe Ba

Zaren auduga yana shan maiƙo da sauri, kuma maiƙo ba ya gauraya da ruwa. Shi ya sa ɗigon miya a kan atamfa ko shadda yakan sake bayyana bayan an wanke an shanya. Daga cikin mayukan girki, manja ya fi wuyar fita, domin tabonsa kashi biyu ne: akwai maiƙon kansa, akwai kuma jan launin da ke cikinsa, wanda masana ke kira karotin. Man gyaɗa maiƙo kawai yake bari. Manja kuwa sai an fara da maiƙon, sannan a koma kan launin.

Matakin farko shi ne tsane man tun yana sabo. Ana kwashe abin da ya taru da gefen cokali, a ɗora tsumma mai tsabta a danna a hankali. Ba a gogawa, domin guga tana faɗaɗa tabon tana tura shi cikin zare. Daga nan sai a rufe wurin da garin sitati, ko hoda, ko dakakken alli, a bar shi kamar rabin sa'a. Idan garin ya dunƙule ya canza launi, ya sha mai ke nan, sai a kakkaɓe a zuba sabo.

Kafin sabulu ya taɓa tabon, ana gwada rinin tufar. A ɗiga ruwan sabulu a cikin kalmasa, inda ido ba ya gani, a jira minti biyar, a danna da farin ƙyalle. Idan launi ya fito a ƙyallen, tufar tana zuba. Irin wannan, musamman rinin shuni, ruwan sanyi kawai take so, kuma ba a jiƙa ta a bari.

Sabulun ruwa na wanke kwanuka ya fi dacewa da wannan aiki, tunda don yanke maiƙo aka yi shi. Misali, ga zanen atamfa da miyar manja ta ɗiga masa, faɗin tabon kamar murfin kwalba. Ana juya zanen, a shimfiɗa tsumma a ƙarƙashin tabon don ya karɓi man da zai fito. A zuba rabin ƙaramin cokali na sabulun a kan yadin tun yana bushe, a murza da yatsa daga gefe zuwa tsakiya, a bar shi minti goma zuwa sha biyar. Sannan a ɗauraye ta bayan yadin da ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya jurewa. Ɗumin yana narkar da manja, amma tafasasshen ruwa yana iya sa rini ya zuba. A ƙarshe a wanke zanen gaba ɗaya, don kada wurin ya fita daban.

Ba a gane ko maiƙo ya fita sai tufa ta bushe, domin jiƙaƙƙen yadi yana ɓoye tabo. A shanya a inuwa, sannan a duba a wurin haske. Idan wurin ya fi sauran yadin duhu, da sauran maiƙo, sai a maimaita sabulun. Tsohon tabo yakan buƙaci zagaye biyu ko uku. Idan kuwa launin ruwan ɗorawa ne kawai ya rage, karotin ne, kuma hasken rana yana kashe shi. Farar auduga ana shanya ta a rana kai tsaye. Mai launi kuwa, a rufe sauran jikinta da wani zane, a bar wurin tabon kaɗai a buɗe, ana dubawa bayan kowace rabin sa'a, domin ranar da ke cin karotin tana cin rini ma.

Abubuwa biyu ne suka fi lalata tufa a wannan aiki. Na farko bilic: ba ya narkar da maiƙo, rini yake cirewa, ya bar farin tabon da ba shi da gyara. Na biyu dutsen guga: zafinsa yana gasa sauran man a cikin zare har ya zama ruwan ƙasa. Dirza da buroshi mai ƙarfi ma tana tayar da gashin zare, wurin ya yi fari-fari.

Shadda mai sheƙi tana da nata sharaɗi. Duk inda ruwa ya taɓa, sheƙin wurin yakan dushe, saboda haka ana wanke rigar duka, sannan a kai ta wurin masu bugu. Amma bugu da guga duka suna jira ne sai an duba tufar a bushe an tabbatar babu sauran maiƙo.