Tsakanin Jifa da Manya: Kalmomin da Suka Ƙi Bin Layi

Duk wanda ya taɓa koya wa baƙo Hausa ya san inda gardama ke tashi. Ka ce masa jam'in mota motoci ne, na taga tagogi, na tasha tashoshi, ya gyaɗa kai don ya gano dabarar: a cire wasalin ƙarshe, a sa o, a maimaita baƙin ƙarshe, a rufe da i. Sai ka tambaye shi jam'in babba. In ya ce "babbobi" bai yi wauta ba, dokar da ka ba shi ya bi. Amma amsar ita ce manya, kalmar da ba ta haɗa saiwa da babba ba ko kaɗan.

Masana tasarifi, wato ilimin ginin kalma, suna kiran wannan musanyar saiwa: ma'ana ɗaya, gida ɗaya, amma kalma ta daban ce ta shigo ta cike gurbin. Hermann Osthoff, Bajamushe, ya yi littafi a kai a 1899. Sanannen misali a Ingilishi shi ne go, wanda shuɗaɗɗen lokacinsa went ne, kuma went ɗin aro ne daga wani tsohon aikatau, wend. Irin waɗannan kalmomi kusan kullum na bakin kowa ne, shi ya sa suke tsira. Kalmar da ba a cika faɗa ba, yara kan manta bauɗaɗɗiyar siffarta su mayar da ita kan doka.

Sai dai ba duk abin da ya yi kama da musanya ne musanya ba. Dubi tunkiya da tumaki. Saiwarsu ɗaya, tumk-. A jam'i an cusa a tsakanin m da k, kamar yadda aka cusa shi a birni da birane. A tilo kuwa m ta yi karo da k, sai ta koma n. Haka doki da dawaki: asalin doki dawki ne. Gwajin ke nan. In dokar furuci ko wani sanannen tsarin jam'i zai iya kai ka daga wannan siffa zuwa waccan, to saiwa ɗaya ce. Daga babba zuwa manya babu hanya.

Akwai kuma wani nau'in da ke tsakiya, wanda Jacob Grimm ya yaɗa sunansa da Jamusanci a ƙarni na 19, ablawut, wato sauyin wasalin cikin saiwa. Muna da shi. Ana jefa, a yi jifa. Ana soka, a yi suka. A goge, a yi guga. A feɗe, a yi fiɗa. Baƙaƙen suna nan daram, e ce ta koma i, o ta koma u. A jefa da jifa har karin sauti ya juye: na farko ƙasa-sama, na biyu sama-ƙasa, kodayake rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna wannan. Tsari ne, amma bai game ko'ina ba. Mai nema nema yake yi, ba "nima" ba, mai koya kuma koyo yake yi, ba "kuya" ba.

A nan ne ra'o'in tasarifi suke shan jarrabawa. Kowanne yana iya bayanin motoci. Tambayar ita ce, shin zai iya bayanin jifa da manya da kayan aikin da ya riga ya mallaka, ko sai ya roƙi alfarma?

Ra'i na farko yana kallon kalma kamar tsakiya da aka jera a zare: saiwa, sai ɗafi, kowane guntu da ma'anarsa. To ina guntun da ya mai da jefa suna? Ba za ka iya yanko shi ba. Mafitar da Bernard Bloch ya bi a 1947 kan aikatau na Ingilishi, in aka ɗauko ta nan, ita ce a ce saiwar tana da siffa biyu, jef- da jif-, sannan akwai ɗafin da ba a furtawa, shi ne yake ɗauke da ma'anar kuma yake zaɓen jif-. Lissafin ya fita, amma dubi abin da aka yi: sauyin da kunne ke ji an ce ba shi da ma'ana, ma'anar kuma an ɗora ta kan abin da ba a ji. A ganina wannan roƙon alfarma ne ƙarara. Charles Hockett ya baje wannan matsala a 1954, ya kwatanta wannan ra'i da na biyu.

Ra'i na biyu ya ce ba guntaye ake jerawa ba, aiki ake yi wa kalma. Liƙa ɗafi aiki ne, ɗaga e zuwa i aiki ne, juya karin sauti ma aiki ne. Jifa ta samu gida cikin sauƙi. Manya ce ta zame ƙaya, domin "goge babba duka, rubuta manya" suna kawai ya tara da doka.

Na uku, wanda Peter Matthews ya ƙarfafa a 1972 kuma Gregory Stump ya tsara filla-filla a 2001, ya fara ne daga jadawali. Kowace kalma tana da gurabe: tilo namiji, tilo mace, jam'i. Dokoki suna takarar cike kowane gurbi, kuma alƙali ɗaya ne: dokar da ta fi keɓanta ita ke cin wadda ta fi faɗi. Wannan ƙa'ida tsohuwa ce, tana cikin nahawun Sanskirit na Panini tun kafin haihuwar Annabi Isa, Paul Kiparsky kuma ya dawo da ita fagen nazarin zamani a 1973. Mu gwada. Gurbin jam'in babba: dokar motoci ta nema, amma akwai doka mai ambaton babba ita kaɗai, sai ta ci, manya ta fito, "babbobi" ta toshe. Gurbin sunan aikin jefa: akwai dokar rukunin soka da feɗe, ita ta ci. Nema ba ta cikin rukunin, dokar ba ta taɓa ta. Ba a ƙirƙiro wani abu domin bauɗaɗɗu ba. Doka mai kalma ɗaya da mai kalma dubu, faɗi kawai ya bambanta su.

Morris Halle da Alec Marantz, a 1993, sun ɗauki wannan takara suka mayar da ita cikin ginin jimla. A wurinsu jimla tana haɗa ma'anoni ne tukuna, kamar "girma" da "jam'i", sannan daga baya a zuba musu sauti. Da wannan, manya tana iya zama sautin da saiwar ke samu a gefen jam'i, kodayake mabiya ra'in sun daɗe suna jayayya kan ko saiwa ta gaske tana musanya. Jifa kuwa sai da ƙarin wasu dokokin gyaran fuska, masu taɓa wasali bayan an gama zubi. Masu suka sun tambaya: me ya hana irin wannan doka ta gyara babba har ta zama manya? In ba a shata mata iyaka ba, alfarmar ce ta sake shigowa ta taga.

Ra'in jadawali ma bai fita ba tabo ba. Tunda ya daidaita kowa, bai gaya mana dalilin da ya sa irin jifa suke da rukuni, irin manya kuwa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Wannan amsar tana wajen tarihi da yawan amfani. Duk da haka, in ma'aunin shi ne a yi bayanin motoci da jifa da manya da ƙa'ida ɗaya, ba ɗafin da ba a ji, ba dokar gyara marar linzami, to shi na ba gaskiya.