Sandar atin da waya ta uku: abin da ke tsakanin firji da ran mai taɓa shi

Wutar lantarki ba ta gudana sai ta samu hanyar komawa inda ta fito. Daga taransifomar unguwa take tasowa ta wayar da masu aikin wayarin ke kira layif, ta ratsa ƙwai ko fanka ko firji ta yi aikinta, sannan ta koma ta wayar nutural. A jikin taransifomar kuma an haɗa nutural da ƙasa da gangan, ta hanyar ƙarafan da aka binne a gindinta. Saboda haka ƙasar da ake takawa ita ma hanya ce ta komawa. Duk abin da ya taɓa layif kuma yake tsaye a ƙasa, ƙarfe ne ko mutum, ya buɗe wa wuta hanya ta cikin jikinsa.

Wannan ne dalilin waya ta uku. A soket mai ido uku da ake amfani da shi a Najeriya da Gana, idanu biyu na ƙasa na layif da nutural ne, na sama kuwa na atin ne. Ƙafar fulogin da ke shiga idon sama ta fi sauran tsawo, don ta riga su shiga kuma ta zama ta ƙarshen fita. Wayarta mai launin kore da rawaya ce. A cikin na'ura an ɗaure ta a jikin ƙarfen da hannu ke taɓawa, a cikin bango kuma tana bin dukkan soket har zuwa akwatin rarraba wuta, daga nan waya mai kauri ta fita zuwa sandar da aka kafa a ƙasa. Idan komai lafiya, wuta ba ta bin wannan waya ko kaɗan. Shi ya sa gidan da ba shi da ita yake shekaru ana kallon talabijin ana guga, ba wanda ya san akwai giɓi.

Haɗarin yana bayyana ne ranar da rigar waya ta lalace a cikin na'ura. A ɗauki firjin ƙanƙara a wani gida, ɓera ya gwigwiyi wayar bayansa har layif ta taɓa jikin ƙarfen. Idan babu atin, ƙarfen ya ɗauki bolt 230 ke nan, amma firjin na ci gaba da sanyaya ruwa, fis bai ƙone ba, bireka ba ta faɗi ba, domin wutar ba ta da inda za ta bi. Jira take. Sai yarinya ta zo ɗaukar ƙanƙara, ƙafarta ba takalmi, daɓen siminti kuma a jiƙe. A irin wannan hali turjiyar jikin mutum kan sauko zuwa wajen om 1,000. Idan aka raba 230 da 1,000, wutar da za ta ratsa ta ta kai miliamfiya 230.

Adadin ƙarami ne a wurin na'ura, ko kwatar amfiya ɗaya bai kai ba. A wurin jiki kuwa ya wuce kima. Miliamfiya ɗaya ake fara jin tsirarawa. Daga 10 zuwa 15 jijiyoyin hannu kan ɗaure, mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe, abin da ake cewa wuta ta riƙe shi. Daga 50 zuwa sama, idan ta bi ta ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya har ta daina tura jini. Fis ɗin da ke cikin fulogi kuma na amfiya 13 ne, birekar soket ta amfiya 20 ko 32. An yi su ne don kada waya ta yi zafi gida ya kama da gobara, kuma wutar da ke kashe mutum ba ta isa ta motsa su ba.

Sanda na sauya wannan labari, amma ba ta gama shi ita kaɗai, kuma a nan ne mutane da yawa, har da wasu masu wayarin, suke ruɗuwa. A ce gidan yana da sanda, an auna ta an samu om 50, atin taransifoma kuma om 10. Da layif ta taɓa jikin firjin, wuta za ta bi koriyar waya zuwa sanda, ta ratsa ƙasa ta koma taransifoma. Bolt 230 a raba da om 60, ya ba da ƙasa da amfiya 4. Fis ɗin amfiya 13 ba zai ƙone da wannan ba. Wuta za ta yi ta zurara cikin ƙasa dare da rana, mita na juyawa, jikin firjin kuma na riƙe da kusan bolt 190. Bugu da ƙari, tunda koriyar waya ta haɗa dukkan soket, dutsen guga da hitar banɗaki su ma sun ɗauki wutar.

Abin da ke cike gurbin shi ne na'urar da ke gane yoyon wuta, wadda za a ga an rubuta RCD ko RCCB a jikinta, da 30mA a gefe. Tana zaune a akwatin rarraba wuta, tana gwada wutar da ta fita ta layif da wadda ta dawo ta nutural. Idan sun yi daidai, shi ke nan. Idan wadda ta dawo ta gaza da abin da ya kai miliamfiya 30, wuta ta ɓalle ta wata hanya ke nan, sai ta katse cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. A gidan da ke da sanda da wannan na'ura, amfiya 4 ɗin nan sun ninka abin da take jira fiye da sau ɗari, don haka wuta na ɗaukewa tun lokacin da wayar ta taɓa ƙarfen, kafin yarinyar ta iso. Idan akwai na'urar babu sanda, sai wutar ta bi ta jikin mutum tukuna sannan ta katse. Sau da yawa rai na tsira, amma an riga an sha girgiza. Gidan da wayoyi biyu kawai suka shigo masa daga falwaya, kamar yawancin gidajen unguwanni, yana bukatar su biyun tare. Na'urar ma tana da iyaka: wanda ya riƙe layif da nutural lokaci guda, bai taɓa ƙasa ba, ba za ta bambanta shi da ƙwan fitila ba.

Sandar kirki ƙarfe ce da aka lulluɓe da jan ƙarfe, kaurinta wajen milimita 16, tsawonta mita 1.2 zuwa 2.4, wasu kuma ana ɗaura ɗaya kan ɗaya don a ƙara zurfi. Rodin gini ba ya maye gurbinta, tsatsa na cinye shi a ƙarƙashin ƙasa inda ba mai gani. Ana zaɓar wuri mai riƙe danshi, nesa da bututun ruwa da wayoyin da aka binne, a buga ta a tsaye har kanta ya nutse. Wayar da za ta haɗa ta da akwati ta jan ƙarfe ce, galibi mai lamba 16, a ɗaure ta da maƙalin tagulla mai noti. Murɗa waya a kan sanda da filaya ba haɗi ba ne. Damina ɗaya ta isa ta sa tsatsa ta shiga tsakani. A kan mahaɗar ana gina ɗan rami mai murfi, don a riƙa buɗewa ana dubawa. Wanda ya zuba siminti ya rufe ta ya hana kansa sanin halin da take ciki har abada.

Ingancin sanda ya dogara da ƙasar da ta shiga. Laka mai danshi na karɓar wuta da sauƙi, yashi da tsakuwa da busasshiyar jar ƙasa na turjewa. A ƙasa mai matsakaicin danshi, sanda ɗaya mai mita 1.2 kan ba da wajen om 70, a busasshen yashi kuma tana iya haura om 300. A wuraren da ake wata bakwai ko takwas ba ruwan sama, irin su Kano da Katsina da Maraɗi, sandar da ta yi kyau a watan Agusta tana iya zama kusan ba ta nan a watan Maris, saboda saman ƙasa ya bushe ƙarau. Maganin shi ne a yi zurfi har a cimma danshin da ba ya ƙafewa, ko a ƙara sanda ta biyu da ta uku a haɗa su da waya. Tazarar da ke tsakaninsu kada ta gaza tsawon sandar kanta, domin sanduna biyu da aka kafa kusa da juna ƙasa ɗaya suke rabawa, ribar kaɗan ce.

Al'adar zuba gishiri da gawayi a ramin tana da tushe, tana rage turjiya da farko. Sai dai gishiri na narkewa ya bi ruwa, kafin ya tafi kuma ya ci ƙarfen da mahaɗar. Yumɓun bentonait da ake sayarwa don wannan aiki ya fi daɗewa, yana riƙe danshi ba tare da cin sanda ba.

Ba a sanin sanda ta yi sai an auna. Na'urar awon tana zuwa da ƙananan turaku biyu da ake kafawa a jere nesa da sandar, ta tura 'yar wuta ta karanta turjiya. Ƙa'idar wayarin ta Birtaniya, wadda aikin lantarkin Najeriya ya gaji abubuwa da yawa daga gare ta, tana ɗaukar awon da ya wuce om 200 a matsayin wanda ba a dogara da shi, kuma mai aikin da ya san hannunsa yakan nemi ƙasa da haka sosai. A yi awon da rani, lokacin da ƙasa ta fi bushewa. Gwajin da wasu ke yi na haɗa ƙwai tsakanin layif da sanda ba ya ba da adadi, kuma yana sa wa sandar da kewayenta wuta a lokacin gwajin. A Najeriya hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke da alhakin duba ingancin aikin wayarin.

Sau da yawa sandar lafiyarta ƙalau, a cikin gida ne hanyar ta yanke. Wani mai wayarin yakan ja waya biyu kawai zuwa soket don rage kuɗi, idon sama ya zauna fanko. Wayar jone mai araha na da ido uku a fuska, waya biyu a ciki. Wani ya yanke fulogin dutsen guga ya cusa tsirarar waya da tsinken ashana. Mafi muni shi ne haɗa idon atin da nutural a bayan soket don na'urar gwaji ta nuna komai daidai: ranar da nutural ta tsinke a gaba, ko aka juya wayoyi a falwaya, jikin duk na'urar da ke soket ɗin zai ɗauki cikakkiyar wuta. Janareto da inbata su ma suna bukatar a haɗa jikinsu da atin gidan, a kuma gwada ko na'urar yoyo na katsewa idan an koma kansu.

Ba kowace na'ura ce ke bukatar waya ta uku ba. Cajar waya da rediyo da makamantansu an ninka musu rufi, alamarsu ƙaramin murabba'i a cikin babba. Masu jikin ƙarfe kuwa, firji, dutsen guga, hita, injin wanki, injin jan ruwa, dole ne. Idan ɗayansu yana ɗan tsirara hannu, ko famfon banɗaki yana cizo sa'ad da hita ke kunne, koriyar waya ta yanke a wani wuri, ko sanda ta mutu, ko kuma rigar waya ta fara yoyo. A cire na'urar daga soket, a kira mai wayarin da ke da kayan awo ya bi hanyar tun daga idon sama har zuwa ramin sanda. Na'urar yoyo kuma tana da maɓalli mai harafin T. Ana danna shi duk bayan wata uku zuwa shida, idan wuta ba ta ɗauke nan take ba, a sauya ta.