Na'urar da ke Karanta Rasit, da Inda Rubutun Hannu ke Kayar da Ita

A ɗauki misalin wani ɗan kasuwa da ya saro kaya a kasuwar Singa ta Kano. An miƙa masa rasit ɗin da inji ya buga: shinkafa buhu 3 a kan 68,000 kowanne, ya kama 204,000, man girki jarka 2 a kan 41,500, ya kama 83,000, sukari buhu 1, 76,000, jimilla 363,000. Da yake bai biya duka ba, yaron shago ya ɗauki biro ya rubuta a ƙasa: an biya 110,000, saura 253,000. Ɗan kasuwar ya isa gida, ya ɗauki hoton takardar da wayarsa, ya buɗe Google Lens domin ya kwafe rubutun ya tura wa abokin cinikinsa. Layukan da inji ya buga sun fito kusan daidai. Layin biro kuwa ya fito da 170,000.

Dabarar da ke ciro rubutu daga hoto ita ake kira OCR, kuma ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. A 1976 Ray Kurzweil ya fito da injin da ke karanta wa makafi shafin littafi da murya. Manhajar Tesseract, wadda ke ƙarƙashin manhajojin karanta takardu da yawa a yau, an fara gina ta a kamfanin Hewlett-Packard a 1985, aka sake ta kyauta ga kowa a 2005. Duk da wannan daɗewa, abin da ya faru da rasit ɗin Singa yana faruwa kullum, kuma dalilinsa yana cikin matakan da hoton ke bi.

A wurin waya, hoto ɗigo-ɗigo ne miliyoyi, kowane ɗigo da lambar da ke nuna haskensa ko duhunsa. Babu harafi a ciki, babu lamba. Aikin farko shi ne gano gefunan takardar a miƙar da ita, domin mai ɗaukar hoto ba ya cika riƙe waya a saiti. Idan layuka suka karkace, ƙarshen layin shinkafa na iya gangarawa ya haɗu da farashin man girki.

Daga nan sai a raba ɗigogin gida biyu, tawada da takarda. Wata tsohuwar hanya da Nobuyuki Otsu na Japan ya wallafa a 1979 tana duba hoton gaba ɗaya ta zaɓi iyaka guda: abin da ya fi ta duhu baƙi ne, abin da ya fi ta haske fari ne. Hanyar na aiki sosai idan hasken ya daidaita. Amma idan inuwar hannun mai wayar ta faɗa kan rabin rasit, farar takardar da ke cikin inuwa za ta iya fin iyakar duhu, sai wannan sashen ya koma baƙi ƙirin, rubutunsa ya nutse. Shi ya sa manhajoji da yawa ke lissafa iyakar sashe-sashe, kowane yanki da tasa.

Rasit ɗin POS da na manyan shaguna yana da tasa matsalar, domin ba tawada a jikinsa. Takardar an shafe ta da sinadarin da ke yin baƙi idan zafi ya taɓa shi, injin kuma yana ɗana mata zafi ɗigo-ɗigo. Rana, zafin aljihu, zufa da maiƙo duk suna kashe rubutun. Idan gefen hagu na lamba 8 ya dushe, abin da ya rage 3 ne sak. Haka 0 da harafin O, 1 da ƙaramin l, 5 da S, suna yawan musanya wuri. Girman rubutun a hoto ma yana da tasiri: ƙananan haruffan da tsayinsu bai kai ɗigo goma ba da wuya su karantu daidai, don haka hoton da aka ɗauka daga nesa, ko wanda WhatsApp ya matse, yakan ba da sakamako maras kyau.

Bayan an tsabtace hoton, manhaja na nemo layuka ta karanta su. Tsoffin manhajoji suna yanka layi harafi-harafi su gwada kowanne da siffofin da suka sani. Sababbi, ciki har da Tesseract tun fitowar sigarta ta 4 a 2018, suna bin layin daga wannan gefe zuwa wancan, suna ƙiyasta jerin haruffan da ya fi dacewa bisa ɗimbin misalan da aka horar da su a kai. Mai kwamfuta zai iya gwadawa da wannan umarni:

```
tesseract rasit.jpg fita --psm 4 tsv
```

Sashen `--psm 4` yana gaya wa manhajar ta ɗauki takardar a matsayin jeri ɗaya na layuka masu girma dabam-dabam, kamar yadda rasit yake. Sashen `tsv` kuma yana sa ta fitar da jadawali mai ginshiƙin `conf`, inda kowace kalma ke da maki har zuwa 100 na yadda manhajar ta gamsu da karatunta. Kalmar da ta samu 40 abar dubawa ce. Sai dai mai maki 90 ma ba rantsuwa ba ce, domin 8 da ta dushe ta zama 3 tana iya samun maki mai yawa: 3 ɗin ce manhajar ta gani ƙarara.

A nan ne bambancin kalma da lamba ke fitowa. Idan harafi ɗaya ya lalace a kalmar da manhajar ta sani, sauran haruffan na taimaka mata ta cike gurbin, kamar yadda mai karatu ke gane kalma ko da tawada ta zube a tsakiyarta. Lamba ba ta da wannan gata. 68,000 da 63,000 duka farashi ne mai yiwuwa, babu ƙamus ɗin da zai ce ɗaya kuskure ne. Ga kalmomin Hausa kuwa, manhajar da aka saita a kan Turanci ba ta da ɓ, ɗ da ƙ a cikin haruffanta, sai ta sa wanda ya fi kama da su. Ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki. Alamar ₦ ma takan rikiɗe ta zama N ko wata alama dabam.

Duk waɗannan matsalolin bugun inji ne, wanda aƙalla yana da amana guda: harafin da ya buga a layin farko shi zai buga a na ƙarshe, da tazara iri ɗaya, a kan miƙaƙƙen layi. Hannun mutum ba ya wannan alkawari. Mutum ɗaya yakan rubuta 4 iri biyu a takarda ɗaya, gwargwadon saurinsa da abin da ya ɗora takardar a kai. Idan haruffa suka sarƙe da juna, ana shiga wani ƙulli da masana suka daɗe da sani: ba a iya yanka kalmar harafi-harafi sai an gane ta, ba a kuma iya gane ta sai an yanka. Sifiri uku da aka ja a haɗe ba tare da ɗaga biro ba na iya fitowa biyu ko huɗu, dubu goma ta zama dubu ɗari.

Sannan akwai tambayar hannun wa na'urar ta koya. Shahararren tarin misalan lambobin hannu mai suna MNIST, wanda Yann LeCun da abokan aikinsa suka haɗa a shekarun 1990, yana da hotuna 60,000 na horarwa da 10,000 na gwaji, kuma an samo su ne daga ma'aikatan hukumar ƙidayar Amurka da ɗaliban sakandaren ƙasar. Galibin Amurkawa na rubuta 1 a matsayin sanda tsaye kawai. Wanda ya yi makarantar boko a Maradi ko Damagaram kuwa, bisa tsarin Faransa, yana fara 1 da doguwar jela daga hagu, sannan ya gitta wa 7 layi a ciki don a bambanta su. Idan yaron shagon Singa da irin wannan hannun ya rubuta 110,000, manhajar da ta saba da hannun Amurka tana da dalilin ganin 7 a wurin 1. Ajami ma haka: a rubutun Magaribi da allon makarantun ƙasar Hausa ya gada, fa'un ɗigonsa a ƙasa yake, ƙafun kuma ɗigo ɗaya ne a sama, don haka manhajar da ta koyi Larabcin bugun Gabas za ta ɗauki ƙafun a matsayin fa'un.

Masu tsara fom sun san wannan rauni, shi ya sa fom ɗin banki ke da ƙananan akwatuna, a ce kowane harafi a akwatinsa, da manyan baƙaƙe. Akwatunan sun yi wa na'ura aikin yanka tun kafin ta fara. Wanda ya tsallake layin akwati, ko ya soke lamba ya rubuta wata a samanta, ko aka danna hatimi a kan rubutunsa, ya rushe wannan taimako. Takardar amsa ta WAEC da ake cikewa da fensir ta kauce wa matsalar gaba ɗaya, domin injinta ba ya karanta komai, duhun gurbi kawai yake aunawa.

Sababbin manhajoji sun fi na da iya rubutun hannu mai tsabta, amma kuskurensu ya fi wuyar ganewa. Tsohuwar manhaja idan ta kasa takan zubo tarkacen alamomi da kowa zai gane shirme ne. Sabuwa takan ba da kalma ko lamba mai kyan gani, wadda ba ita ke kan takardar ba.

Abin da ke kama irin wannan kuskure shi ne lissafin da ke cikin takardar kanta. Da manhaja ta karanta farashin shinkafa 63,000, sai a ninka sau 3, a samu 189,000, alhali rasit ya ce 204,000. Nan take an san ɗaya daga cikin lambobin biyu ta sauya, jimillar 363,000 kuma za ta nuna wace ce. Layin biro ma haka: 363,000 a cire 170,000 ya bar 193,000, ba 253,000 ba. Lambar asusun banki ta Najeriya mai lamba 10 tana da irin wannan kariya, domin lambarta ta ƙarshe ana lissafo ta ne daga sauran tare da lambar bankin, sannan manhajar banki na nuna sunan mai asusu kafin a tura kuɗi. Lambar waya da kwanan wata ba su da abin gwadawa, sai dai a dube su da ido ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan kasuwar ya shimfiɗa rasit ɗin a kan tabarma mai duhu kusa da ƙofa, ya kashe filasha don kada takardar ta yi ƙyalli, ya matso har rasit ɗin ya cika fuskar wayar, ya sake ɗauka. Layukan inji huɗu sun fito ba kuskure. Layin biro ya sake ba da 170,000, sai ya goge lambar ya buga 110,000 da yatsansa kafin ya tura.