Gwajin AMH: yana ƙirga ƙwai, ba ya yanke hukuncin haihuwa

Mace kan fito daga ɗakin gwaji da takarda ɗauke da lamba guda, wani ya ce mata ƙwanta ya ƙare. Kafin ta isa gida ta fara tunanin gori da kishiya. Sau da yawa lambar ba haka take nufi ba.

AMH sinadari ne da ƙananan jakunkunan da ƙwai ke girma a ciki suke zubawa cikin jini. Idan jakunkunan na da yawa ya hau, idan sun ragu ya sauka, kuma ana iya ɗibar jinin kusan kowace rana ta wata. Abokin tafiyarsa shi ne AFC: likita ya sa na'urar sikanin ta gaba, yawanci a kwanakin farko na al'ada, ya ƙirga jakunkuna masu faɗin milimita 2 zuwa 10 a ma'ajiyar ƙwai ta ɓangarorin biyu.

Inda gwaje-gwajen nan suke da bakin magana shi ne wajen dashen IVF. Matar da AMH ɗinta ya gaza 1.2 ng/mL, ko jakunkunanta ba su kai 5 ba, ana sa ran ƙwai kaɗan za a samu bayan allurai. Wadda nata ya yi sama sosai, kamar masu PCOS, sai a rage mata magani don kada ma'ajiyar ƙwan ta kumbura, ruwa ya taru a ciki.

Ɗaukar ciki a gida kuwa wani zance ne daban, domin ƙwai ɗaya jiki ke saki a wata, ko ajiyar na da yawa ko kaɗan. A 2017 mujallar JAMA ta buga binciken da aka yi a Amurka kan mata 750 masu shekara 30 zuwa 44, waɗanda ba a san su da matsalar haihuwa ba. Cikin zagayen al'ada shida, kashi 65 cikin ɗari na masu ƙarancin AMH sun samu ciki, masu daidai kuma kashi 62.

Ɗauki mata biyu. Ta farko shekararta 31, AMH ɗinta 0.6, ta biyu 42, nata 2.5. A takarda ta biyu ce a gaba. Amma lafiyar ƙwai shekaru take bi, kuma gwajin ba ya ganinta, don haka ta farkon ta fi damar haihuwa. Abin da za a gaya mata shi ne kada ta yi ta jinkiri.

Lambar ma kan ruɗar da mutum. Ƙwayoyin tsarin iyali suna saukar da ita na ɗan lokaci. Wasu ɗakunan gwaji da pmol/L suke rubutawa, inda 1 ng/mL ya kai kusan 7. Sannan ba ta nuna toshewar bututun mahaifa, ba ta nuna halin maniyyin maigida. Abin da ke damuna ke nan: a ɗora wa mace laifi kan lamba guda, alhali mijin ko gwaji bai yi ba.