Yadda Makarɓan Dangin Toll Ke Gane Ƙwayar Cuta Su Tayar da Kumburi: Nazari a Kan TLR4

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda ƙwayoyin garkuwar asali ke gane bakteriyar da ba su taɓa haɗuwa da ita ba. Ta ɗauki makarɓi guda, TLR4, ta nuna abin da yake ganewa, da hanyar da saƙonsa ke bi zuwa cibiyar ƙwaya, da dalilin da ya sa saƙon da ke ceton rai shi ne kuma ke kisa idan ya game jiki, kamar yadda ake gani a sanƙarau.

1.0 Gabatarwa

Garkuwar jiki iri biyu ce. Akwai ta koyo, wadda ke buƙatar kwanaki kafin ta san maƙiyi, ita ce kuma rigakafi ke horarwa. Akwai ta asali, wadda ake haihuwar mutum da ita, take kuma aiki cikin mintuna. Ta yaya ta biyun ke gane baƙon da ba a taɓa nuna mata ba?

A shekarar 1989 Charles Janeway ya kawo hasashen cewa ƙwayoyin garkuwar asali ba sa tantance kowace cuta da sunanta. Abin da suke nema shi ne wasu alamomi na gama-gari waɗanda ƙwayoyin cuta ba za su iya rabuwa da su cikin sauƙi ba, kuma babu irinsu a jikin mutum. Kamar shaidar da ake yi wa shanu ce: wanda ya san shaidar zai gane garken ko da bai san sa ko ɗaya a cikinsa ba.

Hujja ta fara fitowa daga ƙudan 'ya'yan itace. An san wata ƙwayar gado mai suna Toll, kalmar Jamusanci da ake furtawa don mamaki, wadda ke tsara ciki da bayan tayin ƙuda. A 1996 Bruno Lemaitre da Jules Hoffmann suka nuna a Strasbourg cewa ƙudan da Toll ɗinsa ya lalace funfuna na cinye shi. A 1998 Bruce Beutler da abokan aikinsa suka gano cewa wasu ɓeraye da dafin bakteriya ba ya girgiza su suna da lahani a ƙwayar gadon TLR4. Mutum yana da irin waɗannan makarɓa goma. TLR5 na gane furotin ɗin wutsiyar da bakteriya ke iyo da ita, TLR3 da TLR7 da TLR8 da TLR9 kuwa suna zaune a aljihunan cikin ƙwaya suna duba kayan gadon baƙi. TLR4 shi ne aka fi sanin aikinsa filla-filla.

2.0 Alamar da Ake Ganewa

Bakteriyar da ba ta riƙe rinin Gram, irin su Escherichia coli da Neisseria meningitidis mai jawo sanƙarau, tana da fata biyu. Fatar waje lulluɓe take da wani sinadari da ake taƙaita sunansa da LPS, haɗin sukari da maiƙo. Ɓangaren sukarin yana bambanta daga wannan bakteriya zuwa waccan. Tushen da ke kafe a fata kuwa, wanda ake kira lifid A, bai cika sauyawa ba. A E. coli yana ɗauke da sukari biyu, fosfet biyu, da jeloli shida na maiƙo. Wannan tushen shi ne shaidar.

TLR4 ba ya kama shi kai tsaye. Sai ya bi ta hannaye uku. Wani furotin da ke yawo a jini, LBP, shi ke kusantar dunƙulen LPS ya sassauta shi. CD14 ya ciro guda ɗaya ya miƙa wa MD-2, wani ƙaramin furotin mai aljihu da ke manne a jikin TLR4. Amfanin wannan miƙe-miƙe shi ne ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ma ya isa ya jawo hankali.

A 2009 masana a Koriya ta Kudu suka fito da siffar wannan haɗuwa. Aljihun MD-2 yana ɗaukar jeloli biyar, ta shida kuma sai ta saura a baki. Maiƙo ba ya son ruwa, don haka jelar da ta saura sai ta nemi mafaka a jikin wani TLR4 na kusa, fosfet biyun kuma su ƙara ɗaure haɗin. Ta haka makarɓa biyu ke mannewa. Da kawunansu sun haɗu a waje, sai wutsiyoyinsu da ke cikin ƙwaya su kusanci juna. Kusantar nan ita ce saƙon. Babu abin da ya ratsa fatar ƙwaya.

Ana iya gwada wannan bayani da ƙidayar jeloli. Lifid mai jela huɗu yana shigewa aljihun MD-2 na mutum baki ɗaya, ba abin da ya saura da zai jawo makarɓi na biyu, sai ma ya tare wurin. Yersinia pestis, bakteriyar annobar da ƙuma ke yaɗawa, tana cin moriyar wannan. A jikin ƙuma mai sanyi tana ƙera mai jela shida, amma a zafin jikin mutum, digiri 37, sai ta koma ƙera mai huɗu, ta shige ba tare da an yi kururuwa ba.

3.0 Daga Fata Zuwa Cibiya

A ɗauki makarofaj, babbar ƙwayar garkuwa mai haɗiye baƙi, wadda ke zaune a cikin nama. Idan wutsiyoyin TLR4 biyu suka haɗu a cikinta, sai su zama dandalin taruwar wani furotin, MyD88. Kimanin shida ne ke jeruwa kamar matakala mai murɗewa, sannan inzayim da ake kira IRAK4 guda huɗu su hau kansu, wasu huɗu 'yan'uwansu su biyo baya. Sai ginin ya kammala inzayim ɗin ke tayar da juna, abin da ke rage yiwuwar ƙararrawa ta kaɗa a banza.

Daga nan saƙon yana bi ta TRAF6 da TAK1 har ya kai ga wani inzayim mai suna IKK. A nan ne hikimar tsarin take. Furotin ɗin da ke buɗe ƙwayoyin gadon kumburi, NF-κB, ba sai an ƙera shi ba. Yana nan a shirye, sai dai wani mai tsaro, IκB, yana riƙe da shi a wajen cibiya. IKK na liƙa wa mai tsaron fosfet, wannan tambari ya sa a kai shi injin niƙe furotin. Cikin mintuna NF-κB ya kuɓuta ya shiga cibiya. Saurin garkuwar asali daga nan yake: doki a ɗaure yake da sirdinsa, kwance igiya kawai ake yi.

Abin da ke fitowa shi ne saitokin, wato furotin masu kai saƙo tsakanin ƙwayoyi, musamman TNF da IL-1 da IL-6. TNF da IL-1 suna sa ƙananan jijiyoyin jini su buɗe, bangonsu ya yi danƙo ya kuma riƙa yoyo, ta yadda fararen ƙwayoyin jini za su manne su fita zuwa inda baƙon yake. Ja da ɗumi da kumburi da zogin da ake gani a miki daga nan suke. Saitokin ɗin suna sa a samar da furostagalandin da ke ɗaga ma'aunin zafi a ƙwaƙwalwa, shi ne zazzaɓi. IL-6 kuma yana umurtar hanta ta ƙera CRP, wanda ake aunawa a asibiti don gane kumburi. A gwajin da ake yi wa masu sa kai da 'yan nanogiram na LPS a kan kowane kilo na nauyinsu, TNF na kai ƙololuwa a jini bayan kamar minti 90, zazzaɓi ya biyo baya.

TLR4 yana da hanya ta biyu. Bayan an haɗiye shi zuwa aljihun cikin ƙwaya, sai ya sauya abokin aiki zuwa TRIF, wanda ke sa a ƙera intaferon. Haka kuma saƙon yana ɗauke da linzaminsa, domin cikin abin da NF-κB ke buɗewa har da ƙwayar gadon IκB. Sabon mai tsaro ya shiga cibiya ya fito da shi.

4.0 Idan Ƙararrawa ta Game Gari, da Idan ta Yi Shiru

Duk abin da aka lissafa alheri ne muddin a wuri guda ya tsaya. Sanƙarau, wanda arewacin Nijeriya da Nijar suka sani a lokacin rani, yana nuna abin da ke faruwa idan ya wuce gona da iri. Neisseria meningitidis tana iya zama a maƙogwaro ba tare da illa ba. Idan ta shiga jini ta hayayyafa, tana zubar da ƙananan ƙuraje daga fatarta, cike da lifid mai jela shida. Sai TLR4 ya kaɗa a ko'ina lokaci guda. Jijiyoyi duka su buɗe su yi yoyo, ƙarfin bugun jini ya faɗi, jini ya daskare a ƙananan jijiyoyi har kayan daskarewar su ƙare. Alamar a fata ita ce ɗigo-ɗigo masu duhu da ba sa ɓacewa idan an danna su. An kuma nuna cewa yawan LPS a jinin majinyaci yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da hatsarin mutuwa. Mafi yawan ɓarnar martanin jiki ne ke yin ta.

Ɗaya gefen ya bayyana a yaran da aka haifa ba su da IRAK4 ko MyD88 mai aiki. Suna fama da cututtuka masu tara mugunya, musamman daga Streptococcus pneumoniae, amma zazzaɓinsu kan yi rauni ko ya makara, CRP ma haka. Cuta na ci, jiki bai ce komai ba. Waɗanda suka tsallake ƙuruciya kan samu sauƙi yayin da garkuwar koyo ta ƙarfafa.

Sanin wannan tsari bai zama magani nan take ba. An ƙera eritoran, mai kwaikwayon lifid A ya toshe aljihun MD-2, amma babban gwajin da aka wallafa a 2013 bai nuna ya rage mace-mace a masu gubar jini ba. Daga cikin dalilan da ake kawowa akwai cewa kafin majinyaci ya iso asibiti saitokin sun riga sun fita, kuma ba TLR4 kaɗai ke kaɗawa ba. Inda aka ci riba shi ne tausasa ƙararrawar: lifid A da aka cire wa fosfet ɗaya yana tada garkuwa ba tare da tsananin dafi ba, yana kuma cikin kayan ƙarfafa rigakafin zazzaɓin cizon sauro na RTS,S.

5.0 Kammalawa

Ganewar TLR4 ta rataya ne a kan siffa: jela guda da ta saura a bakin aljihu ita ke haɗa makarɓa biyu, haɗuwar ta kwance NF-κB, shi kuma ya saki saitokin. Ko wannan ya zama kariya ko halaka, ya danganta ne da wurin da saƙon ya tashi, da yawansa, da kuma ko linzaminsa ya kama a kan lokaci.