Dalilin da ya sa sautin Bluetooth ke bambanta daga waya zuwa waya

Masu amfani da iyafis marar igiya sun sha lura da cewa waƙa ɗaya, a iyafis ɗaya, takan fito tangaran a wata waya, ta kuma dusashe a wata. Galibi akan ɗora laifin a kan iyafis ɗin, alhali sau da yawa asalin bambancin yana cikin wayar ne, domin ita ce ke matse sautin kafin ta aika shi.

Hanyar da Bluetooth ke bi wajen isar da kiɗa ba ta da faɗin da za ta ɗauki cikakken sauti cikin kwanciyar hankali. A faifan CD ana auna sauti sau 44,100 a kowane sakan, kowane awo yana cin bit 16, kuma kunnuwa biyu ne, na dama da na hagu. Idan aka ninka, ana samun kimanin kilobit 1,411 a sakan. Dole ne a rage wannan nauyi, kuma tsarin da ke matse sautin a waya ya warware shi a iyafis shi ake kira kodek. Biyu da suka fi yaɗuwa su ne SBC da AAC, kuma dukansu suna zubar da wani ɓangare na sautin wanda ba ya dawowa.

SBC shi ne na wajibi. Ƙa'idar A2DP, wadda ke kula da aika kiɗa ta Bluetooth, ta tilasta wa kowace na'ura sanin sa, shi ya sa kowace waya ke iya magana da kowane iyafis. An tsara shi ne don kada ya wahalar da ƙaramar na'ura. Yana raba sauti zuwa sassa huɗu ko takwas, daga mai kauri zuwa mai siriri, sannan ya raba musu bit gwargwadon ƙarfin kowane sashe. Yawan bit ɗin da ake rabawa ya dogara da wani adadi da injiniyoyi ke kira bitful. Idan adadin ya kai 53, SBC na aika kimanin kilobit 328 a sakan, idan kuma ya sauka zuwa 35, sai ya koma kusan 229. A mataki na sama da wuya mai sauraro ya kama aibi. A na ƙasa kuwa sirirn sautuka ne ke fara lalacewa: ƙarar kuge ta zama kamar yashi, harafin “s” a bakin mawaƙi ya riƙa ƙaiƙayi a kunne.

AAC, wanda aka daidaita ƙa'idarsa a 1997, ya fi dabara. Yana duba sauti a ɓangarori 1,024 maimakon takwas, sannan yana aiki da sanin yadda kunnen ɗan Adam ke ji. Idan ganga ta buga da ƙarfi, kunne ba ya jin raunanan sautukan da ke kusa da ita a wannan lokacin, don haka AAC ya zubar da su ya adana bit ɗin don abin da za a ji. Da wannan ne yake iya kai wa ingancin SBC, ko ya wuce shi, da kilobit kaɗan.

A nan ne kuma bambancin wayoyi yake. Ƙa'idar AAC ta fayyace yadda za a warware sauti, amma ta bar wa masu ƙera na'ura zaɓin yadda za su matse shi. Yanke hukunci kan abin da za a zubar aiki ne mai cin lissafi da batir, kuma ba kowane kamfani ne ke yin sa da ƙwarewa ɗaya ba. Wayoyin iPhone suna amfani da manhajar matsewa ta kamfanin Apple, a kusan kilobit 256, kuma sakamakon iri ɗaya ne a tsakaninsu. A Android akwai manhajar Fraunhofer da ke cikin tsarin, amma wayoyi da dama suna miƙa aikin ga guntun na'urar da ke cikinsu don tattalin batir, kuma kowane mai ƙera waya yana da nasa saitin. Saboda haka rubutun “AAC” a jikin kwali ba alƙawarin inganci ba ne, suna ne na harshen da na'urorin biyu za su yi magana da shi.

A ɗauki iyafis da ya san SBC da AAC kaɗai. Da zarar an haɗa shi da waya, sai ya sanar da ita kodek ɗin da ya sani da iyakar kowanne, misali SBC har zuwa bitful 53, wayar kuma ta zaɓa. Da iPhone za a daidaita a kan AAC. Da wata wayar Android ma za a iya zaɓar AAC, amma idan nata matsewar ta yi rauni, sai ta yanke sirirn sautuka da wuri, kiɗan ya yi kamar an rufe shi da mayafi. A irin wannan waya, komawa SBC a kilobit 328 kan fi daɗin ji, duk da sunan da SBC ya yi na zama mafi ƙasƙanci. Waya ta uku, wadda ke da aptX ko LDAC, ba za ta amfana da su ba, tunda iyafis ɗin bai san su ba. Haka abin yake idan aka juya: iyafis mai tsada da ke alfahari da LDAC, wanda ke kai wa kilobit 990, zai koma AAC ko SBC a kan iPhone, domin iPhone ba ya aika kiɗa da LDAC ko aptX. Mai saye a kasuwa ya kamata ya san wannan kafin ya biya kuɗin abin da wayarsa ba za ta yi aiki da shi ba.

Wasu na zaton cewa idan fayil ɗin waƙar AAC ne, yana wucewa kai tsaye ba a taɓa shi ba. A al'ada ba haka ba ne. Waya tana warware fayil ɗin, ta haɗa shi da ƙarar saƙonni da sauran sautukan cikinta, sannan ta sake matsewa. Waƙar da aka riga aka matse sosai, kamar wadda ta yi ta yawo daga waya zuwa waya, takan ƙara tabarbarewa a wannan matsewa ta biyu.

Mai wayar Android zai iya gwada abin da kansa, domin tun daga Android 8.0 na 2017 akwai wurin dubawa. Zai shiga Settings, ya nemi About phone, ya taɓa Build number sau bakwai, sai Developer options ya bayyana. A ciki, yayin da iyafis ke haɗe, Bluetooth audio codec zai nuna kodek ɗin da ke aiki, kuma ana iya sauya shi zuwa wanda na'urorin biyu suka sani. Gwajin yana da ma'ana ne idan aka saurari sashe ɗaya na waƙa ɗaya a ƙarfin murya ɗaya, domin kunne yakan ɗauki sautin da ya fi ƙarfi a matsayin wanda ya fi kyau. A wayoyi da yawa saitin yana komawa yadda yake da zarar an raba haɗin.

Akwai alamun da ba na kodek ba ne. Idan sauti yana yankewa, matsalar hanya ce: Bluetooth na raba zangon rediyo ɗaya da Wi-Fi, kuma jikin mutum yana tare siginar, don haka waya a aljihun baya cikin cunkoson tasha takan sha wahala, wasu wayoyin ma sukan rage bitful da kansu don kada haɗin ya tsinke. Idan kuwa sauti ya shaƙe gaba ɗaya da zarar an shiga kira, to iyafis ya bar A2DP ya koma tsarin kira mai suna HFP, wanda ke ɗaukar murya a layi ɗaya mai ƙunci don bai wa makirufo hanya. Da an kashe kiran, kiɗan kan dawo yadda yake.