Sanin ma'ana daban, sanin wurin faɗa daban

Ɗalibin da ya iya "farin ciki" da "farin jini" yakan ɗauka cewa duk inda fari ya shigo cikin magana alheri ne. Sai ranar jarrabawa a ajiye masa "farar ƙafa" a ce ya zaɓi ma'anarta, ya yi caraf ya zaɓi "mai sa'a". Ya faɗi ke nan. A al'adar Bahaushe, macen da aka ce tana da farar ƙafa ita ce wadda ake camfa ta da rashin arziki, wai duk gidan da ta shiga sai dukiya ta gudu. Camfi ne marar tushe, ya kuma cuci mata da yawa, amma ma'anar ke nan, kuma wanda ya faɗa wa amarya haka da nufin yabo ya ja wa kansa rigima.

Irin waɗannan su ake kira maganganun azanci: kalmomi biyu ko uku da suka haɗu suka haifi wata ma'ana wadda ba za ka same ta ba in ka warware su ɗaya bayan ɗaya. Sun bambanta da karin magana, domin karin magana cikakken zance ne mai tsayawa da ƙafarsa, ita kuwa maganar azanci sai an saka ta cikin jimla an ba ta mai aikatawa da lokaci.

Hanyar da ta fi dacewa a gane ma'ana ita ce a bar kallon kalmomin, a dubi zancen da ya kewaye su. Ɗauki "sa ido" da "zuba ido". Duk biyun suna da ido, kuma mai gaggawa zai ce kallo ne. Amma in aka ce hukuma ta sa ido a kan 'yan kasuwa, to tana bibiyar abin da suke yi ne don ta hana ɓarna. In aka ce ta zuba musu ido, ta ƙyale su ke nan suna cin karensu babu babbaka. Ga gwaji mai sauƙi: cire maganar azancin, ka sa kalma fili a gurbinta, ka sake karanta jimlar. In "bibiya" ta zauna daram, "sa ido" ake nufi. In "ƙyalewa" ce ta zauna, to "zuba ido" ce. Ko "sa ido" ɗin ma tana da fuska ta biyu, domin maƙwabcin da aka kira ɗan sa ido ba yabonsa aka yi ba.

Ƙamus yana taimakawa a wannan mataki. Na Bargery da ya fito a 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 duk sukan jero irin waɗannan maganganu a ƙarƙashin kalma. Sai dai akwai wani ilimi da kunne ya fi takarda bayar da shi, wato wa ke faɗar maganar, wa ake faɗa wa, kuma a kan wa. A ganina nan ne aka fi yin tuntuɓe, kuma babu inda abin ya fi fitowa fili kamar zancen mutuwa.

Ga maganganu shida: ya rasu, ya riga mu gidan gaskiya, rai ya yi halinsa, ya kwanta dama, ya ce ga garinku nan, ya sheƙa barzahu. In takardar jarrabawa ta ce a haɗa kowace da ma'anarta, amsa ɗaya ce a gaban dukkansu: ya mutu. Ɗalibi zai ci makinsa cif. Amma a ce wani dattijo ya cika da asuba, aka ɗora wa ƙanensa nauyin sanar da mutane. Wace zai ɗauka?

In ya kira 'yar marigayin da ke aure a wani gari, ba zai jefa mata labarin kai tsaye ba. Zai fara da cewa jikin Baba ya yi tsanani, in ya ji ta natsu sai ya ce, "Sai haƙuri, rai ya yi halinsa." Wannan magana ba ta ma ambaci mamacin ba, ta ɗora abin a kan rai, wanda dama halinsa ne ya tafi, shi ya sa take da sanyi a kunnen wanda abin ya shafa. In kuma sanarwa zai kai gidan rediyo, zai rubuta cewa Allah ya yi wa wane rasuwa, za a yi jana'iza ƙarfe kaza a wuri kaza. Bayan shekaru, mai ba da tarihin dattijon zai ce ya riga mu gidan gaskiya, ko ya kwanta dama, wadda ta samo asali daga yadda ake kwantar da gawar Musulmi a kabari bisa gefen dama tana fuskantar alƙibla.

Sauran biyun fa? "Ya ce ga garinku nan" ta masu ba da labari ce, akwai ɗan raha a jikinta, tana zama a hira ko a littafin ƙagaggen labari, amma ba a zaman makoki ba. "Ya sheƙa barzahu" kuwa akwai rashin tausayi a cikinta, don haka aka fi jin ta a kan ɗan fashin da ajalinsa ya riske shi wajen ta'asa. Wanda ya rubuta wa abokinsa cewa ya ji mahaifinsa ya sheƙa barzahu, nahawunsa daidai ne, ma'anarsa daidai ce, amma ya ci mutuncin gida guda. Haka kuma in aka juya: ba a cewa akuya ta rasu, mutuwa take yi.

Akwai kuma batun ginin jimlar kanta. Wasu maganganun sukan yarda a sauya musu wakilin suna, wasu ba su yarda. Ana cewa "ta riga mu gidan gaskiya" in mace ce, "sun riga mu" in suna da yawa. Amma ko mace ce ta rasu, "rai ya yi halinsa" ake cewa, domin halin na rai ne, ba na mamaciyar ba. Kuma ba a ƙara musu kalma don a fayyace su. Da zarar ka ce "ya kwanta ta gefen dama", ka mai da mamaci mai barci.

Zancen ciki ma haka yake tafiya. Likita zai iya cewa mace tana da ciki babu wanda zai ɗaga kai. Saurayi kuwa a gaban surukarsa ko gwaggonsa zai ce maiɗakinsa tana da juna biyu, in ta haihu ya ce ta sauka lafiya. Amma "an yi mata ciki" magana ce ta daban, domin mai ji zai fahimci cewa babu aure a wurin.

Saboda haka ina roƙon malaman Hausa kada su tsaya a kan jera maganganu a hagu, ma'anoni a dama, a ce yara su ja layi. A ƙara musu tambaya ta biyu: a bakin wa ka taɓa jin wannan, kuma za ka iya faɗarta a gaban kakanka? A ba su hali guda, kamar rasuwar nan, a ce su rubuta saƙo uku, ɗaya ga 'yar mamaci, ɗaya ga gidan rediyo, ɗaya ga abokin wasa. Kai kuma mai karatu, in ka ji sabuwar maganar azanci ta burge ka, riƙe ta tukuna, ka saurari inda manya ke faɗarta da inda suke kauce mata, kafin ka sa ta a bakinka.